Lissafin mahalarta taronmu na Abuja: abin da aka tsayar

Jama'a ga taƙaitawar shawarwarin da aka bayar kan taron bitar da za mu yi, wasu a zaure wasu ta Zoom.

Na zaure ba matsala, rajista a bakin ƙofa kowa ya sa hannu. Rigimar tana wajen 'yan onlayin, don rahoton da Zoom ke fitarwa duk wanda netwok ya yanke masa ya sake shiga sai sunansa ya ƙara fitowa, mutum ɗaya ya zama uku, shi ya sa aka ce a tilasta rajista da imel sannan a haɗa mintocin kowane imel wuri guda. Misali taron minti 120 ne, wadda ta shiga sau uku, 40 da 35 da 20, tana da 95 kenan, ta haye 90 da muka sa sharaɗin satifiket.

Amma fa mintoci ba sa nuna mutum na wurin, wani zai kunna waya ya tafi kasuwa. Wata 'yar'uwa ta ce a riƙa jefa tambaya ta Polls, wato wurin kaɗa ƙuri'a na cikin Zoom, sau biyu ba sanarwa, ni wannan ta fi kwanta min gaskiya, tilasta kunna kyamara cin data ne kawai.

Sai na zaure da suka shiga Zoom da wayarsu, a duba imel ɗinsu a rajistar ƙofa a cire su kar a ƙirga sau biyu.