Giɓin sefa 27,000 a akwatin resefshon: in rufe rana ko in dakata?

Sali, Garwa: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Sati na uku ke nan da aka ba ni aikin lissafin dare a wani otal mai ɗaki 40. Yanzu ƙarfe 2 saura, na ƙirga akwati sau uku, 435,500 nake samu, a ciki akwai 50,000 na canji da ake bari kullum. Kwamfuta kuwa ta ce tsabar kuɗin da ya shigo ranar 14 ga wata 412,500 ne. Ke nan 27,000 babu. In danna `Clôture` a haka, ko in bar ranar a buɗe har manaja ya zo? Ta ina zan fara nema?

Umaru, Marwa: Wa alaikumus salam. Raba giɓin da 9. In ya rabu ba saura, to wani ne ya juya lambobi. 27,000 ya rabu tsaf. Nemi inda aka karɓi 25,000 aka buga 52,000, ko 36,000 aka buga 63,000. Bi rasit ɗaya bayan ɗaya, za ka gan shi.

Malam Buba, Ngaundare: Maganar Umaru tana aiki, amma sai in kuskuren guda ɗaya ne. Da kuskure biyu sun haɗu, lambar da ka gani ragowar su ce, kuma kuɗin otal yawanci dubu-dubu ne, saboda haka rabuwa da 9 na iya zama dace kawai. Ka riƙe ta a gefe, kada ka fara da ita.

Ƙanena, cire hannunka daga `Clôture` tukuna, kana da lokaci. Abin da za ka fara yi shi ne fitar da takardar kuɗin da aka karɓa, a rarrabe bisa hanyar biya: tsaba, kuɗin waya, kati, da waɗanda aka tura bashin kamfanoni. Kowace hanya tana da mai shaidarta a wajen kwamfuta. Tsaba, akwati ne shaidarta. Kati, takardar jimilla da na'urar katin ke fitarwa. Kuɗin waya, saƙonnin da ke cikin wayar otal. Bashin kamfani, takardar da kamfanin ya aiko da sa hannun baƙo. Kai akwati kaɗai ka gwada. Mafi yawan giɓin tsaba ba ɓata kuɗin ya yi ba, yana zaune a wata hanyar. Baƙo ya biya ta waya, mai resefshon yana sauri, ya bar zaɓin a kan `Espèces` don shi ne ke fitowa da farko. Faɗa mana abin da kwamfuta ta ce game da waya da kati, da abin da kowannensu ya nuna.

Sali, Garwa: Na gode Malam. Kati ya yi daidai, 120,000 a duka biyun. Waya, kwamfuta ta ce 180,000, saƙonnin ranar 14 na haɗa su 195,000. Rarar 15,000 ce kawai, ba ta kai 27,000 ba.

Hamadu, Kusiri: Ni dai in faɗi gaskiya, wannan hannu ne. Wanda ya miƙa maka akwati da ƙarfe 10, kun ƙirga tare? In ba ku ƙirga ba, gobe kai za a cire wa a albashi. Haka aka yi wa wani yaro a nan, wata biyu yana biya. In kana da kuɗin a jikinka ka cike kawai ka huta, da safe ku daidaita da shi.

Hajiya Dija, Njamena: Haba Hamadu, kada ka koya wa yaro wannan. Sali, ko dala kada ka sa daga aljihunka, kuma in rara ka samu kada ka ɗauka. Da ka cike, ka binne kuskuren: takardar baƙo tana nan a karkace, akanta zai ci karo da ita in ya zo gwada kuɗin waya a ƙarshen wata, lokacin kuma ba mai tuna abin da ya faru. Sannan kai da ka cike ka zama abin tambaya. Inda Hamadu ya yi gaskiya shi ne ƙirga akwati tare lokacin karɓar aiki, ku biyu ku sa hannu a kan adadin. Daga gobe kada ka yarda a tsallake wannan.

Yanzu ga inda nake zato. Ka ce saƙonnin ranar 14. Ranar waya daban, ranar otal daban. Waya tana juya kwanan wata da ƙarfe 12 na dare, amma otal yana cikin ranar 14 har sai ka rufe. Duk wanda ya biya bayan 12, wayar ta rubuta masa 15, alhali kwamfutarka ta sa shi cikin 14. Haka kuma abin da ya shigo daren jiya tsakanin 12 da lokacin da aka rufe, wayar ta kira shi 14, amma na ranar 13 ne, an riga an lissafa shi. To duba takardar rufewar jiya ka ga ƙarfe nawa aka rufe, ka fara haɗa saƙonni daga wannan lokacin zuwa yanzu.

Sali, Garwa: Hajiya kin gano shi. Jiya an rufe 3 da minti 10, babu abin da ya shigo kafin nan. Amma yau 12 da minti 40 wani baƙo ya biya 30,000 ta waya, ni ma na buga shi, sai ban haɗa da shi ba don na ga 15 a kan saƙon. Jimillar waya ta zama 225,000, rara 45,000. Na bi saƙonnin, akwai 45,000 da ya shigo 4 da rabi na yamma, sunan mai ɗaki 21 ne, kuma a takardarsa an buga shi a tsaba. Sai dai in na gyara wannan, akwati ya koma yana da rarar 18,000.

Malam Buba, Ngaundare: Madalla, ka ga kuskure biyu ke nan suka rufe wa juna baki. Tsabar da ya kamata a samu 412,500 a cire 45,000, saura 367,500. Abin da ke hannunka bayan cire kuɗin canji 385,500. Rara 18,000.

Gyaran ɗaki 21 kada ka goge layin da abokin aikinka ya buga, ko da kwamfutar ta ba ka dama. Buga wani layi na tsaba mai ragi, -45,000, sannan ka buga 45,000 a kuɗin waya, ka rubuta lambar saƙon a wurin bayani. Layi uku za su tsaya a takardar, duk wanda ya duba zai ga abin da ya faru da wanda ya gyara. Ka yi shi kafin rufewa, domin bayan rufewa ranar 14 ta kulle, gyaran zai faɗa ranar 15, sai takardun kwana biyu su karkace maimakon ɗaya. In baƙon ya riga ya tafi an rufe takardarsa, kuma lambarka ba ta da izinin buɗewa, kada ka shiga da lambar wani. Rubuta shi ka bar wa manaja.

Wani abu da sababbi ke ruɗuwa da shi: lissafin bashin baƙi. Bashin da aka kwana da shi jiya, a haɗa da duk abin da aka ɗora yau na ɗaki, abinci, wanki da haraji, a cire duk abin da aka biya, dole ya ba da jimillar da ke kan takardun baƙin da ke cikin gida. Wannan lissafin wajibi ne kowane dare, amma da ka yi shi ɗazu zai fito daidai, don shi bai damu da ta wace hanya kuɗi ya shigo ba. Fitowarsa daidai ba ta wanke akwati.

Rarar 18,000 kuwa tana nufin wani ya ba da kuɗi ba a buga ba. Wurare uku zan duba. Na farko littafin rasit na hannu, musamman in an ɗauke wuta da rana, don a lokacin ne ake karɓa a rubuta da biro a manta. Duba ko lambobin rasit suna bin juna. Na biyu kafin alƙalami na wanda ya kama ɗaki don wata rana. Na uku, wanda ya fi muni, ɗakin da aka ba da ba a shigar da baƙon ba. Wannan takardar masu gyaran ɗakuna ce ke tona shi, da allon makullai: ɗakin da kwamfuta ta ce babu kowa amma makullinsa ba ya wurin.

Umaru, Marwa: Na karɓi gyara, Malam. In ƙara na huɗu: takardun ɗakin cin abinci. Baƙo ya ci ya ce a sa a ɗakinsa, an ɗora, daga baya ya biyo ta resefshon ya biya tsaba, aka jefa a akwati ba a sauke masa ba. Ɗauko takardun da baƙi suka sa wa hannu ka nemi mai 18,000 cif, ko biyu na ɗaki ɗaya da suka haɗa hakan.

Sali, Garwa: Makullai sun dace da ɗakuna, rasit ɗin hannu ba wanda ya tsallake. A na abinci akwai ɗaya mai 18,000, ɗaki 12, har yanzu yana kan takardar baƙon. A bayanta an yi wata alama da jan biro, ban gane ta ba. In sauke masa?

Hajiya Dija, Njamena: A'a. Dacewar adadi ba hujja ba ce. In ka sauke, sai ya zamana kuɗin na wani ne, ka yafe wa ɗaki 12 bashi da kuɗin da ba nasa ba, mai kuɗin na gaskiya kuma za a sake tambayarsa. Sa 18,000 a ambulan daban, ka rubuta kwanan wata, adadi da sa hannunka, ka manna hoton takardar ɗaki 12. A littafin miƙa aiki ka rubuta cewa kada a karɓi wannan kuɗin daga baƙon sai an tambayi mai aikin yamma. Duba ko ɗaki 12 yana cikin masu fita yau. In yana ciki, kira mai aikin yamman da asuba tun kafin baƙon ya sauko da jakarsa.

Sannan ka rufe. Kafin ka danna, fitar da jerin baƙin da ke cikin gida da bashin kowa a takarda, don wutar Garwa ba ta da tabbas, ka ajiye kwafin bayanai, ka tabbata ɗakin cin abinci da mashaya sun rufe nasu, kuma waɗanda suka kama ɗaki ba su zo ba ka daidaita su. Rubuta abin da ya rage a asusun waya a daidai lokacin rufewa. Gobe, in ba a fitar da komai daga asusun ba, sai ka cire na yau daga na gobe kawai, ka san abin da ya shigo, kuma saƙon ƙarya ba zai wuce ka ba.

Malam Buba, Ngaundare: A nan na ɗan saɓa da Hajiya. Akwai gidajen da dokarsu ita ce ba a rufewa da bambancin da ya wuce wani adadi sai an bugo wa manaja, ko ƙarfe nawa ne. Sali, duba takardar aikin da aka ba ka.

Hajiya Dija, Njamena: In akwai dokar, ya bi ta. Amma barin rana a buɗe har safiya ya fi rarar 18,000 ɓarna. Kuɗin ɗakunan daren nan bai hau kan takardun baƙi ba sai an rufe, ga masu kama motar asuba za su fara saukowa ƙarfe 5. Duk wanda ya fita kafin nan, faktirinsa zai fito da ragin kwana ɗaya, kuɗinsa kuma ya faɗa ranar da ta wuce.

Sali, Garwa: Takardar aikin ba ta ce komai a kan adadi ba. Na gyara ɗaki 21, na tura wa manaja saƙo, ambulan yana cikin akwatin ƙarfe. Ɗaki 12 sai jibi zai fita. Na rufe 3 da minti 25. Allah ya saka da alheri, in mai aikin yamma ya zo zan faɗa muku abin da jan biron yake nufi.