Cire biyar cikin ɗari bayan an sauke lamba: adalci ne ko yanka biyu?

Issoufou na Tchadoua: Jama'a, na kai buhu 30 na farin wake Maradi. Mai saye ya ware buhu 20 lamba ɗaya, kilo sefa 400, buhu 10 lamba biyu saboda hudar ƙwaro, kilo 350. A takardar ciniki ya cire kilo guda na nauyin kowane buhu, saura kilo 2,000 da kilo 1,000. Sannan ya sake cire biyar cikin ɗari a kan duka, wai ɓarna. Ya ba ni 1,092,500. Ni dai na ce yanka biyu aka yi mini.

Alhaji Laouali: Ɗana, ba yanka ba ne, haka kasuwa take. Waken da aka huda bai gama lalacewa ba, akwai ƙwai a jikinshi. Kafin in fitar da shi ta Dan Issa ya kai Dawanau, gari ya fara taruwa a gindin buhu. Ga raɓa kuma, wake na rage nauyi a mangaza. Wa zai ɗauki wannan asara?

Hajiya Rabi: Alhaji, ka yi haƙuri, maganar raɓa ta kaka ce. Sabon wake na watan Oktoba, wanda in ka ciza yake lotsawa, shi ne ke ragewa. Issoufou, yaushe ka sayar?

Issoufou na Tchadoua: Cikin Maris, Hajiya. In ka ciza ƙaras yake fashewa.

Hajiya Rabi: To wanda ya sha hunturu babu ruwan da ya rage mishi. Shekara da shekaru ina rubuta wa ƙungiyarmu irin wannan takarda, kuma abin da nake duba shi ne kada aibi guda ya fito a layi biyu. Huda tana taɓa farashi, don wake hudajje wake ne har yanzu, ana cin shi, daraja ce ta ragu. An riga an biya ta da sefa 50 ɗin da aka sauke a kowane kilo. Abin da ake cirewa daga nauyi shi ne abin da ba wake ba: tsakuwa, ƙasa, ɓawo, ruɓaɓɓe. Shi ma ba a yanke shi da ka. A soka buhu uku ko huɗu na kowace lamba, sama da tsakiya da gindi, a haɗa, a auna kilo guda a zuba a faifai, a tsince a gaban ku biyu, a ɗora dattin a ƙaramin sikeli. Giram 10 shi ne ɗaya cikin ɗari. A ce lamba ɗaya ta ba da giram 10, lamba biyu giram 30: kilo 1,980 sau 400 ya kama 792,000, kilo 970 sau 350 ya kama 339,500. Jimilla 1,131,500. Ka ga jika 39 tsakaninta da abin da aka ba ka. Abin da ya fi ba ni mamaki, buhu 20 da shi da kanshi ya ce masu kyau ne, su ma ya zabga musu biyar cikin ɗari.

Sani Direba: Ni bara albasa na ɗauko daga Galmi, buhu huɗu suka ruɓe a hanya, aka cire a kuɗin motata. Ba wanda ya rubuta komai.

Hajiya Rabi: Sani, wannan rigimar dako ce, daban take.

Malam Habou: Duk kilon ne ya jawo. Da a ce da tiya aka auna a gaban kowa, buhu tiya 40, da ba a yi haka ba.

Alhaji Laouali: Malam, tiyar wa? Ta saye da ta sayarwa ai ba ɗaya ba ce, ga hannun da ake tarawa a baki. Hajiya, na yarda da ke kan lamba ɗaya. Amma buhu 10 ɗin nan in ban cire ba, to ba zan saye su 350 ba, sai 330.

Hajiya Rabi: Madalla, faɗi 330 ɗin a fili ka rubuta. Sai shi ya duba: ya sallama, ko ya kai gaba, ko ya juye su a buhun PICS mai hana ƙwaro ya jira. Farashi ana tayawa kafin a sauke kaya, shi kuwa wancan layin na biyar cikin ɗari sai mota ta tafi yake gani. Kuma kilo guda na buhu ɗin ma, Issoufou, ka sa a ɗora buhu 10 da babu komai a sikeli, ka ga ko sun kai kilo 10.

Alhaji Laouali: Wannan kam al'ada ce, kowa haka yake cirewa.

Issoufou na Tchadoua: Na riga na dangwala hannu, Hajiya. Akwai sauran magana?

Hajiya Rabi: In kayan na mangaza tukuna, tafi da dillalin da ya haɗa ku, ku nemi a tsince kilo guda na lamba ɗaya kawai. Jika 40 ya cire a can.