Yadda Za a Rubuta Batun Makara a Takardar Auna Ma'aikaci

Masu kula da ma'aikata a Maraɗi da suka tattauna batun sun yarda cewa kada a rubuta "ba ya mutunta lokaci", domin wannan hukunci ne a kan halinsa, kuma zai musa. Gara a ɗauko rajistar sa hannu a rubuta abin da ta nuna, misali: "A watan Maris ya iso bayan ƙarfe 8:30 sau 7, alhali aiki na farawa ƙarfe 8, abokin aikinsa ne ya riƙa buɗe masa ofis."

Wata hajiya ta ƙara, kuma ina ganin da gaskiyarta, cewa a fara jin uzurinsa a keɓe, domin wanda yake tahowa daga Tibiri kullum wataƙila rashin abin hawa ne matsalarsa. Daga nan sai a rubuta lokacin isowar da aka amince da ranar da za a sake dubawa.