Tsohuwa, jika da hoton marigayi: ina na kuskure a ƙarshen labarina?

Rukayya, Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Na rubuta gajeren labari a kan Iya Abu, tsohuwa a Unguwar Juma. Mijinta ma'aikacin reluwe ne, ya rasu a 1994. Jikanta ya ɗauki hoton da dangi suka yi ranar Sallah, ya sa aka dasa marigayin a ciki daga hoton katin aikinsa na 1983, ya kawo mata. A ƙarshe ta rungume hoton, ta fashe da kuka tana kiran sunan mijin. Yayata ta karanta ta ce ko gezau bai taɓa ta ba. Kalma 1500 kawai aka ba ni. Ina gyaran yake?

Hajiya Binta, Ƙofar Doka:
Wa alaikumus salam 'yata. Yayarki ta faɗa miki gaskiya, kuma na san inda ta tsaya da karatun: wurin kiran sunan nan. Tsohuwar da aka yi wa aure a cikin Birni tun zamanin da ake kai amarya tana 'yar sha huɗu ba ta faɗin sunan mijinta, yana raye ko ya rasu. Mahaifiyata har ta koma ga Allah ban taɓa jin sunan babanmu a bakinta ba. Malam take cewa, in kuma ta matsu ta ce "shi". Yaron da ya ci sunansa ma laƙabi ta sa masa don kada bakinta ya kama. To yaya za ki sa irin wannan mata ta kwarma sunan a tsakar gida, gaban surukai da jikoki?

Abu na biyu, kin bar dukiya a ƙasa. Jika namiji ai mijin kakarsa ne a wasa. Shi ne mai shigowa yana "ina amaryata, yau me aka dafa wa maigida", ita kuma ta ce ta fasa auren tunda ko kuɗin cefane ba ya bayarwa. Yanzu wannan mijin wasa ne ya ɗauko mijin gaske ya dire mata a gaba. Ta wannan ƙofar kaɗai Iya Abu za ta iya magana a kan marigayi ba tare da ta ji kunya ba. Duk abin da ke cin ranta, da zolaya zai fito.

Malam Isa, Gyallesu:
Allah ya jiƙan maigidan da rahama. Amma ki ja kunnen yaron nan. Hadisi ya tabbata a Buhari da Muslim cewa mala'iku ba sa shiga gidan da ke da hoto ko kare. Malamai sun yi saɓani a kan hoton kyamara, amma rataye hoton mamaci a bango don a riƙa kallo ana tada baƙin ciki, wannan mafi yawansu ba sa so. Ya yi wa kakansa sadaka da addu'a ya fi masa.

Rukayya:
Malam, a gafarce ni, ƙagaggen labari ne, babu wata Iya Abu a zahiri. Amma wallahi ka ba ni mutum. Zan sa babban ɗanta ya faɗi kusan abin da ka faɗa, sai ya zama ba ta da damar rataye shi ko da tana so.

Sani Mai Hoto, Sabon Gari:
Malama Rukayya, wannan aikin ni nake yin sa, kusan duk bayan Sallah sai an kawo mini irinsa. Bari in gaya miki abin da ke faruwa a kan teburina, wataƙila labarinki na can.

Hoton katin aiki kai ne da kafaɗa kawai, bai fi faɗin yatsu biyu ba, kuma sau da yawa hatimin ofis ya ci gefen kafaɗar, ga ramin ƙusar takarda da tsatsarta a sama. Ƙanƙantarsa ba matsala ba ce sosai, domin a hoton mutum ashirin kan kowa ƙarami ne, muddin an kawo mini ainihin katin ba wanda aka ɗauka da waya aka turo ba. Matsalar ita ce mutumin ba shi da jiki. Dole in aro masa. Nakan ɗauko wani mai babbar riga daga hotunan bikin da na taɓa ɗauka, in cire kansa in ɗora na marigayi. Ke nan rigar ba tasa ba ce, tsawon ba nasa ba ne, hannayen ma na wani bawan Allah ne da bai san an ara ba. Jikan da aka haifa bayan rasuwar ba zai taɓa ganewa ba. Matar da ta shekara talatin tana miƙa wa hannun nan kwanon tuwo, kallo ɗaya za ta yi.

Sai launi. Hoton 1983 na kati yawanci baƙi da fari ne, ni zan zaɓa masa launin fata da na hula da ka. Kuma gaskiya hannunmu ya saba da haskaka mutane, don masu kawo aiki haka suke so. Sai ka ga baƙin mutum ya koma wankan tarwaɗa.

Na ƙarshen ya fi ba ni kunya. A ɗakin ɗaukar hoto haske daga gaba yake zuwa, fuska ba inuwa. A tsakar gida kuwa rana ta gefe take bugowa, kowa da inuwa ƙarƙashin hula. Don fuskar ta kalli inda sauran ke kallo, wani lokaci mukan juya ta da `Flip Horizontal`, dama ta koma hagu. Na taɓa yi wa wani dattijo mai bille haka, billen ya tashi daga kunci ɗaya ya koma ɗayan, karin hularsa ma ya juya. 'Yarsa ta dawo mini da hoton washegari, ta ce tsohuwarsu ta ce wannan ba ta san shi ba. Na sake aikin kyauta.

Auwal, Samaru:
Ni a ganina kuka ne ya yi sanyi. Ki sa ta fusata ta buga gilashin da ƙasa, sai a gano ashe auren dole aka yi mata, ba ta taɓa son sa ba. Mai karatu yana son a girgiza shi. Sannan ki koma baya ki nuna ranar auren, da ranar da jirgi ya kawo shi daga Kafanchan, da ranar rasuwar. Kuma tunda 'yar Birni ce, ki sa ta yi Zazzaganci tsantsa, "rigan nan", "hulan nan".

Hajiya Binta:
Auwal ɗana, Zazzagancin na karɓa, amma a bakinta kawai, kuma kamar gishiri. In aka cika shi sai ta koma abin dariya ga mai karatu na Kano ko Sakkwato. Komawa baya sau uku a kalma 1500 kuwa, ina wurin yake? Sau ɗaya ya isa, shi ma layi uku. Fasa gilashi kuma ɗan'uwan rungumar ne, duk ihu ne. Amma ka taɓo wani abu: ba dole ba ne a ce zaman nasu zuma ne zalla.

Rukayya, ki yi lissafin da ba ki yi ba. In yana da shekara 37 a 1983, ita yanzu ta haura saba'in, babban ɗansu ya wuce hamsin da furfura a gemu. A hoton nan uba ya fi ɗansa ƙuruciya, ita kuma an zaunar da ita kusa da saurayin da ta haifi wanda ya girme shi. Wannan ne zai soke ta, ba kewa kawai ba. Ita ta tsufa ita kaɗai. Haɗa da abin da Sani ya faɗa, ga yadda nake jin ta:

Ta karɓa, ta matsa bakin ƙofa inda haske yake, ta daɗe. Sannan ta ce, "Kai maigida, wa ka aro wa hannu? Malam yatsan nan nasa a lanƙwashe yake, ƙofan jirgi ya datse shi." Jikan ya yi dariyar yaƙe. Ta ce, "Kuma tunda nake da shi bai taɓa zama kusa da ni haka a gaban mutane ba. Kun koya masa rashin ta-ido." Ta miƙa masa, ya kai hannu, ba ta saki ba.

Ba lallai ki ɗauki kalmomina ba. Abin da nake nuna miki shi ne, gyaran da take yi wa hoton shi ne kukan nata.

Maman Khalifa, Hanwa:
Hmm, ni wannan a gidanmu ya faru, ba a takarda ba. Ƙanena ya yi wa kakarmu irinsa, ya manta cewa mata biyu Alhaji ya bari kuma duka suna cikin hoton. Ya dasa shi a gefen kakarmu, wadda ita ce amarya. Uwargida ba ta ce uffan ba, sai dai ta daina shiga ɗakin da aka rataye shi. 'Ya'yanta suka ɗauki zafi, har aka yi wata biyu ba a gaisawa sosai. Da aka ce a sake a sa shi tsakiya, kakarmu ta ce a bar shi, ai ba ita ta ce ya zauna nan ba. Yanzu hoton yana cikin adakarta ƙarƙashin zannuwa. Ban san ko tana buɗewa ba, ban kuma taɓa tambaya ba.

Auwal:
To ai ga rikicin da nake nema! Ki saka kishiya, Rukayya.

Sani Mai Hoto:
In kin saka ta, ki sani ba jikan ne kaɗai ke zaɓar wurin ba. Mu inda akwai sarari muke dasa mutum, ko a layin baya inda kafaɗun wasu za su rufe jikin aro. Sau da yawa tsautsayin wuri ne kawai, amma wa zai yarda?

Hajiya Binta:
Ni ban goyi bayan kishiyar ba. Labarin Maman Khalifa labari ne mai zaman kansa, zai cinye na Iya Abu. Mutum uku sun isa: ita, jikan, da ɗan da ya hana ratayewa. Adakar dai ki ara.

Rukayya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na cire kiran suna da rungumar, na ɗauki hannun aro da wasan jika. Kishiyar zan gwada ta a kwafi na biyu in ga ko kalmomin za su ɗauka, Hajiya ki yi haƙuri. Abin da ya rage mini shi ne jikan: in ta nuna masa hannun ba na kakansa ba ne, ya koma wurin mai hoto a gyara, ko ita ce za ta hana shi? Malam Sani, yatsa lanƙwasasshe yana gyaruwa in babu hoton da za a duba?

Sani Mai Hoto:
Yana gyaruwa, amma sai wanda ya san yatsan ya zauna kusa da ni yana cewa ƙara, rage. A labarinki kuwa mutum ɗaya ce ta san shi, kuma daga Unguwar Juma zuwa Sabon Gari sai an sa ta a Keke Napep.