Tambaya kan Hilux ɗin kafin in taso daga Tawa

Salamu alaikum Alhaji, ina wuni, ya aiki?

Hilux ɗin gazuwal da kuka turo mini hotunanta ta kwanta mini a rai, amma abu guda ya ɗaure mini kai. Kwantar na nuna kilomita 148,000, alhali takardar vidanj da ke manne a bakin ƙofar direba ta ce an canza mai a 191,000. An sauya kwantar ne, ko hannun makanise ne ya kuskure? Don Allah ku turo hoton littafin gyara, ko rasit na gareji.

Ga dalilina: injin 2KD a 150,000 ake canza masa kurwar distiribisiyo, wato bel ɗin da ke daidaita tafiyar fisto da supap. In 191,000 ce gaskiya kuma ba a canza ba, tana iya tsinkewa a hanya, fisto ya bugi supap, sai buɗe inji. An canza ta, har da tandarta? Ko fitilar T-BELT mai tunatar da canjin kurwar kawai aka kashe?

Sannan ta taɓa yin zafi har aka buɗe kilas? Gobe da safe, kafin a tada ta, a buɗe murfin radiyata a ɗauko mini bidiyo, in ga ko ruwan ya gauraya da mai.

Tawa zuwa Yamai ya haura kilomita 500, shi ya sa nake jiran amsarku kafin in yanki tike.