Abin da aka tattauna kan takardun kyauta a salun

1. An yi ittifaƙi cewa kuɗin takardar kyauta, wadda ake saya a ba wani don a yi masa gyara da ita, ba ciniki ba ne tukuna, bashi ne a kan salun. In mata ta sayi takardar ₦20,000, ƙanwarta ta yi gyaran farce na ₦12,000, wannan kaɗai za a shigar a cinikin ranar. Ragowar ₦8,000 na nan a matsayin bashi.

2. Kowace takarda ta sami lamba da ranar ƙarewa a jikinta, a kuma shigar da su a littafi. In ba haka ba, takarda ɗaya sai ta ci sau biyu.

3. Wa'adi ne aka rabu a kai. Wasu sun ce wata 6, saboda farashin kaya a Legas ba ya tsayawa. Wasu sun ce shekara, don takardun Sallah kan daɗe a jaka. Masu shekarar sun ce a rubuta adadin kuɗi maimakon sunan aiki, hauhawar farashi ba za ta ci salun ba.