Nauyin sikeli ko daidaitaccen nauyi: wanne za a saka a lissafin kuzarin mai ƙiba?

Malam Nasiru, mai koyon aikin tsara abincin majinyata, Jidda:

Assalamu alaikum. Muna da majinyaciya 'yar shekara 52, tsayinta santimita 160, nauyinta kilo 112. An yi mata tiyatar ƙaba, mikin ya ƙi haɗewa, ba ta iya cin abin kirki, don haka aka sa mata robar abinci ta hanci. A ɗakin jinya take, ba a sashen kulawa ta musamman ba. Ni dai ra'ayina shi ne, duk wanda BMI ɗinsa, wato ma'aunin nauyi gwargwadon tsayi, ya wuce 30 ba a saka nauyinsa na sikeli a kowace fomula, sai daidaitaccen nauyi, wato nauyin da ya dace da tsayi haɗe da wani kaso na rarar, tunda kitse ba ya cin kuzari. Na saka kilo 67 a Mifflin-St Jeor, fomular lissafin kuzarin da jiki ke buƙata a rana, na samu kalori 1,249. Shugabar sashenmu ta ce in sake lissafi. Ina kuskuren yake?

Hajiya Rabi, ƙwararriyar tsara abincin majinyata, Makka:

Wa alaikumus salam, ɗana Nasiru. Shugabarka tana da gaskiya, kuma lissafinka na kilo 67 ma daidai ne, wurin da ka kai shi ne ba nasa ba. Na bi sawunka: nauyin da ya dace da tsayinta a ƙa'idar Devine kilo 52 ne, rarar da ke kansa kilo 60, ka ɗauki rubu'in rarar, wato 15, ka ɗora, ka samu 67. Ba ni da ja a nan.

Amma ka tuna yadda aka samo ita fomular Mifflin. A shekarar 1990 Mifflin da abokan aikinsa suka auna mutum 498 masu lafiya, kusan rabinsu masu ƙiba ne, kuma nauyin da sikeli ya nuna shi suka yi amfani da shi. Ga ta ta mata:

```
10 × kg + 6.25 × cm − 5 × shekaru − 161
```

Wannan 10 da ake ninka nauyi da ita ta riga ta haɗiye gaskiyar cewa kilon da ya ƙaru a jikin mai ƙiba ba ya cin kuzari kamar kilon tsoka ko na hanta. Idan ka rage nauyin tun kafin ka saka shi, ka yi ragi sau biyu a kan abu guda, kamar ɗan kasuwar da ya cire kuɗin dako daga farashi, sannan ya sake cire shi daga ciniki. Da kilo 112 amsar ita ce 1,120 da 1,000, a cire 260, a cire 161, saura 1,699. Tazarar da ke tsakanin wannan da taka kalori 450 ce a kowace rana, ga matar da jikinta ke fafutukar rufe miki. Kuma 1,699 ɗin nan ta mai kwance ce da ba ta motsi. Idan aka ninka ta da 1.2 saboda jinya da ɗan motsin da take yi, an kai wajen 2,040.

Maganar cewa kitse ba ya cin kuzari kuwa ta wuce gona da iri. Kilon kitse yana cin kamar kalori 4.5 a rana, kilon tsoka kamar 13. Sannan rarar kilo 60 ɗin ba kitse ba ne zalla, domin jikin da ke ɗaukar wannan kaya tsokarsa ta ƙaru, jininsa ya ƙaru, zuciya da ƙoda da hanta ma sun ƙara girma.

Malam Bashir, mai haɗa magunguna, Madina:

Hajiya, da izininki zan kare Nasiru ta wani gefe. Mu a ɗakin magani kullum muna aiki da daidaitaccen nauyi, kuma ba don son rai ba. Idan za mu lissafa maganin ƙwayoyin cuta na gentamicin ga mai ƙiba, 0.4 na rarar muke ɗorawa, in ba haka ba ƙoda ce za ta ji a jikinta. A wurina kuskurensa shi ne zaɓen 0.25. Da ya ɗauki 0.4 da ya samu kilo 76, lissafinsa ya matso kusa da naki, an huta da gardama.

Hajiya Rabi:

Malam Bashir, 0.4 ɗinku ingantacciya ce a wurinta, amma tambayar da take amsawa daban ce: yaya maganin da ke narkewa cikin ruwa yake bazuwa a jiki. Ba ta ce komai game da iskar da jiki ke ƙonawa ba. Ko da kilo 76 ma, Mifflin za ta ba da 1,339, har yanzu da giɓin 360. Abin da ya kamata ya sa mu tsaya mu yi tunani shi ne yawan waɗannan lambobi: wasu 0.25, jagorar ESPEN, ƙungiyar masana abincin majinyata ta Turai, ta sashen kulawa ta musamman ta kawo 0.33, ku 0.4, wasu ma 0.5. Mace ɗaya a gado ɗaya ta zama mai kilo 67, ko 72, ko 76, ko 82, gwargwadon wanda ya zo zagaye da safe.

Ban ce a jefar da daidaitaccen nauyi ba. Gurbinsa shi ne lissafin gaggawa na kalori kaza a kowane kilo, domin wannan lissafi ba shi da wani ragi a cikinsa. Kalori 25 sau 112 ya ba da 2,800, wanda zai cika ta da sukari a jini, ya ɗora wa hantarta kitse. Kalori 25 sau 67 kuwa 1,675 ne, ga shi kusa da 1,699 ta Mifflin. Hanyoyi biyu da suka taso daga wurare daban sun haɗu a kusan wuri guda, kuma wannan ne yake nuna cewa kowane nauyi ya shiga inda ya dace da shi.

Sista Maryam, nas, Jidda:

Ku gafarce ni, ni ba gwanar lissafi ba ce, amma ina ganin kamar ana wahalar da kai. Matar nan tana da kilo 60 na ajiya. Me zai hana a bar ta a kan 1,249 ɗin, ta warke ta kuma rage jiki, a jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya? Yayata ta rage kilo da yawa da abin da bai kai haka ba, kuma gwiwoyinta sun samu sauƙi.

Dakta Usman, likitan sashen kulawa ta musamman, Jidda:

Sista, yayarki tana gida da lafiyarta, tana tafiya, ba ta da miki mai ruwa. Jikin da ke fama da kumburin ciwo ba kitse kaɗai yake narkarwa ba, tsoka yake fara ci don ya samu furotin ɗin gyara, kuma mai ƙiba tana iya rasa tsoka mai yawa ba wanda ya lura, saboda ido yana ganin cikar jiki.

Duk da haka, Hajiya Rabi, ba zan bar maganar Sista ta faɗi ƙasa ba, domin akwai inda ake yin abin da ta faɗa da gangan. Jagorar 2016 ta ASPEN da SCCM, ƙungiyoyin Amurka na abincin majinyata da na kulawa ta musamman, ta ce ga mai ƙiba da ke sashenmu, wanda BMI ɗinsa ke tsakanin 30 da 50, a ba shi kalori 11 zuwa 14 a kowane kilo na nauyin sikeli. Majinyaciyar Nasiru tana da BMI kusan 44, don haka rabonta zai zama 1,232 zuwa 1,568. Lambarsa ta 1,249 tana cikin wannan iyaka. To me ya sa za mu ce ya yi kuskure?

Hajiya Rabi:

Saboda ya faɗa cikin iyakar ne ba da niyya ba, Dakta, kuma bai ɗauko sharaɗin da ke tafe da ita ba. Ku kun san buƙatar mutum, kuka zaɓi ku ba shi kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari nata, sannan kuka biya da furotin mai yawa, giram 2 zuwa 2.5 a kowane kilo na nauyin da ya dace da tsayi. A kan kilo 52, wannan giram 104 zuwa 130 ne a rana. Shi kuwa Nasiru ya rubuta 1,249 a matsayin cikakkiyar buƙata, wanda ke nufin duk wanda ya karanta fayil ɗin zai ɗauka an ƙoshar da ita.

A duba abin da zai faru a bakin gado. Madarar roba ta yau da kullum, mai kalori 1 a kowace mililita, tana ɗauke da furotin kamar giram 40 a lita. Lita ɗaya da rubu'i za ta ba ta giram 50 kacal, ƙasa da rabin abin da kuke nema. Sai an canza zuwa madara mai yawan furotin ko an ƙara garin furotin a cikin robar. A ɗora a kan haka sa'o'in da ake tsayar da famfon robar abinci don wankin miki, ko ɗaukar hoto, ko azumin shiga tiyata, sai ka ga abin da ya shiga cikinta bai kai abin da aka rubuta ba. Wanda ya fara daga lamba ƙarama ba shi da sararin irin wannan asara.

Dakta Usman:

Na yarda da batun furotin ba tare da ja ba, sai dai a duba ƙodarta kafin a kai giram 130. Inda nake nan daram shi ne, ban gamsu cewa 2,040 ta fi 1,600 alheri ga mai wannan jiki ba, musamman idan sukarinta yana hawa ana ta ƙara mata insulin. Ninkin 1.2 ɗin nan ma kintace ne aka ɗora a kan kintace. Mifflin a kan masu lafiya aka gina ta, kuma ko a cikinsu akwai waɗanda take kuskure musu da fiye da kashi 10 cikin ɗari. Da tana kan na'urar numfashi da na koma ga fomular Penn State, wadda ke ɗaukar amsar Mifflin ta nauyin sikeli ta haɗa da zafin jiki mafi tsanani na yini da yawan iskar da take shaƙa a minti, sannan in cire abin da maganin barci na propofol ke zuba mata, kalori 1.1 a kowace mililita. Mafi kyau duka a kawo na'urar da ke auna iskar da take shaƙa da wadda take fitarwa, a daina kintace, in asibitinku yana da ita.

Sista Maryam:

Tunda an zo kan sikeli, bari in faɗi abin da nake gani da idona. Yaushe aka auna kilo 112 ɗin? Bayan tiyata da ledojin ƙarin ruwa, majinyaci yana iya ƙara kilo da yawa na ruwa zalla. Ka danna ƙaurinta da yatsa, in ramin ya zauna, to akwai ruwa. Sikelin gado kuma, in ba a mayar da shi sifili da filo da bargo a kai ba, har su yake aunawa. Tsayin ma sau da yawa 'yan'uwa ake tambaya a rubuta. Sannan ba wanda ya lissafa dabino da lemon kwali da masu dubiya ke miƙa mata bayan la'asar.

Malam Nasiru:

Na koma fayil. An auna ta ranar da aka kwantar da ita, kafin tiyata, kuma a tsaye, don haka 112 ɗin ba ta ruwa ba ce. Tsayin ne ba a rubuta yadda aka samo shi ba, zan auna ƙashin damtsenta na ƙasa, daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu, in kwatanta da jadawali. Ƙodarta lafiya, sukarinta yana ɗan hawa da dare. Na'urar auna numfashi tana sashen kulawa ta musamman, ba a fito da ita ɗakin jinya. Hajiya, Dakta, wace lamba zan kai zagayen gobe?

Hajiya Rabi:

Ka rubuta 1,699 a matsayin buƙatar hutu, ka bayyana cewa da nauyin sikeli ka samo ta, domin mai karɓar aiki a bayanka ya san tushenta. Tunda ta kwana biyu ba ta ci sosai ba, kada ka kai ta can a rana ɗaya. Ka fara da kusan rabi, a duba fosfet da fotasiyam da maganiziyam kullum a kwanakin farko, in sun faɗi a gyara kafin a ƙara. Furotin kada ya gaza giram 104. Ni zan nufi 1,900 zuwa 2,000 saboda mikin.

Dakta Usman:

Ni kuma zan tsaya a 1,600 zuwa 1,700 har sukarin dare ya daidaita, sannan a duba mikin bayan mako guda, in naman bai fara tasowa ja ba a ƙara. Ka kai musu lambobin biyu, Nasiru, tare da takardar sukarinta ta kwana uku da jimillar abin da famfo ya zuba a zahiri.